"Dubu ɗari uku nake so a hannu": yadda ake komawa baya a gano albashin da za a rubuta a takarda

A Katsina, idan an zauna cinikin albashi, da wuya ka ji mai neman aiki ya ambaci adadin da za a rubuta a takardar ɗaukar aiki. Abin da yake faɗa shi ne abin da zai gani a wayarsa idan wata ya ƙare. A ɗauka wani Alhaji mai kamfanin casar shinkafa a hanyar Daura yana neman akanta, ya samu wanda ya kwanta masa a rai, mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai dubu ɗari uku su shigo mini duk wata, sauran kuma ku kuka san shi." Alhaji ya ce, "To Malam, na ji, Allah ya sa albarka." An yi musafaha an tashi. Amma har yanzu ba a san albashin ba, domin dubu ɗari ukun nan ita ce abin da zai rage bayan an cire fansho da haraji, su kuwa waɗannan biyun daga jimillar albashi ake lissafa su, wadda babu wanda ya faɗe ta a zaman.

Lissafi daga sama zuwa ƙasa ba ya da wuya. A ba ka jimillar albashi, ka cire fansho, ka cire haraji, ka ga abin da ya saura. Komawa baya ne ke kayar da mutane, har da masu takardar shaidar akanta, saboda harajin ya dogara ne da adadin da kake nema.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a lissafa cire-ciren a kan dubu ɗari ukun kanta, sannan a ɗora a sama. Mai casar shinkafa ba zai yi wannan kuskuren a sana'arsa ba. A ce kashi ɗaya cikin huɗu na shanshera ke tafiya a ɓuntu da dusa, kana kuma son tiya 12 ta tsaba. Idan ka ce kwatar 12 ita ce 3, bari in kai tiya 15 inji, za ka dawo da 11 da kwata, domin tiya ukun da ka ƙara su ma an ci kwatarsu. Tiya 16 ya kamata ka kai, kuma da rabawa ake gano ta: 12 a raba da kashi uku cikin huɗu. Albashi ma haka yake, sai dai shi yana da ƙarin murɗiya guda: kason da ake cirewa yana hawa yayin da kuɗin ke ƙaruwa.

Abin da doka ke cirewa

Abu biyu ne manya. Na farko fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci zai ba da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai aiki kuma ya ba da aƙalla kashi 10. Kashi 8 ne kaɗai ke fita daga albashin ma'aikaci. Goman mai aiki daga aljihunsa take fitowa, ba ta da wuri a lissafin abin da ke shiga hannu, ko da yake za ta dawo mana idan aka zo maganar abin da ɗaukar mutumin zai ci wa kamfani. Ana lissafa fanshon ne a kan asalin albashi da alawus na gida da na sufuri, in ji doka kada a yi ƙasa da waɗannan ukun.

Na biyu harajin albashi, wanda ke fitowa a takardar albashi da sunan PAYE. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. A sabon tsarin, ana yanka kuɗin shekara mataki-mataki. Naira 800,000 na farko babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye, wato har zuwa miliyan 3, kashi 15 cikin ɗari. Miliyan 9 da ke biye, har zuwa miliyan 12, kashi 18. Daga nan zuwa miliyan 25 kashi 21, zuwa miliyan 50 kashi 23, abin da ya haura haka kashi 25. Kowane kaso a kan yankinsa kaɗai yake aiki. Mutumin da kuɗinsa ya kai matakin kashi 18 ba a cire masa kashi 18 na dukkan albashinsa, sai na abin da ya ɗara miliyan 3.

Kafin a hau matakan nan ana fara rage wasu abubuwa. Fanshon da ma'aikaci ya biya yana fita, ba a yi masa haraji. Akwai kuma rangwamen haya, wanda ya maye gurbin tsohon rangwamen bai-ɗaya da kowa ke samu: kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar da mutum ya biya a shekara, amma kada rangwamen ya wuce naira 500,000. A kula da bambancin waɗannan biyun, don dukkan lissafin a kansa ya rataya. Fansho kuɗi ne da ke barin hannun ma'aikaci da gaske. Rangwamen haya kuwa kuɗin na nan a hannunsa, an dai ce kada haraji ya taɓa su.

Komawa baya, taki-taki

Mu koma ga akantan Alhaji. A ce ya kama gida a wajen Ƙofar Ƙaura yana biyan hayar naira 550,000 a shekara, ya kuma kawo rasit. Rangwamensa kashi 20 na wannan, wato 110,000. A ce kuma, don sauƙi, dukkan albashinsa asali ne da gida da sufuri, saboda haka fansho kashi 8 ne na jimillar.

Tunda matakan haraji na shekara ne, sai a fara mayar da buƙatarsa ta shekara: 300,000 sau 12, naira 3,600,000. Daga ciki, 110,000 kuɗi ne da suka wuce ba tare da haraji ya gan su ba, don haka a ajiye su gefe tukuna. Saura 3,490,000. Wannan shi ne abin da ya tsira bayan an bi ta matakan haraji.

Yanzu tambayar ita ce, nawa ne ya shiga matakan har 3,490,000 suka fito? A nan ne dabarar take. Maimakon a duba matakan daga ɓangaren abin da ke shiga, sai a duba su daga ɓangaren abin da ke fita. Wanda ya shiga da 800,000 zai fita da 800,000 cif. Wanda ya shiga da miliyan 3 ya biya kashi 15 na miliyan 2.2, wato 330,000, zai fita da 2,670,000. Wanda ya shiga da miliyan 12 ya biya wancan 330,000 da kuma kashi 18 na miliyan 9, jimilla 1,950,000, zai fita da 10,050,000. Waɗannan lambobi uku, 800,000 da 2,670,000 da 10,050,000, su ne ya kamata duk mai shirya albashi ya rubuta ya manna a bangon ofis, domin kusan duk albashin da ake biya a kamfanonin garin nan a tsakaninsu yake faɗawa.

Namu 3,490,000 ya wuce 2,670,000 bai kai 10,050,000 ba, ke nan yana matakin kashi 18. Ya ɗara 2,670,000 da 820,000. A wannan matakin, kowace naira da ta shiga kwabo 82 ke fita, don haka a raba 820,000 da 0.82, a samu miliyan 1 daidai. A haɗa da miliyan 3 na matakan ƙasa: kuɗin da aka yi wa haraji miliyan 4 ne, harajin kuma 330,000 da 180,000, wato 510,000 a shekara, 42,500 a wata.

Sai a dawo da 110,000 da aka ajiye gefe. An samu 4,110,000, shi ne abin da ya rage na albashi bayan an cire fansho, kafin haraji. Tunda fansho ya ɗauke kashi 8, wannan adadin kashi 92 ne na jimillar. A raba da 0.92, a samu 4,467,391 a shekara. A raba da 12: naira 372,283 a wata. Wannan ne adadin da za a rubuta a takarda.

Ga shi a dunƙule, ga wanda ke matakin kashi 18, duk da kuɗin shekara:

```
T = 3,000,000 + (N - R - 2,670,000) / 0.82
G = (T + R) / (1 - p)
```

N shi ne abin da ake so a hannu, R rangwamen haya, T kuɗin da ake yi wa haraji, p kason fansho daga jimilla, wato 0.08 a misalinmu, G kuma jimillar albashi.

Ban yarda a tsaya nan ba sai an sake saukowa daga sama, don a ga ko an dawo inda aka taso. Kashi 8 na 372,283 shi ne 29,783. Saura 342,500. A cire haraji 42,500, saura 300,000. Idan gwajin nan bai dawo da kai kan adadin da ka fara da shi ba, bambancin ya wuce naira ɗaya ko biyu na kwabbai, to akwai inda aka zame, kuma galibi an ɗauki matakin da ba shi ba ne, ko an manta dawo da rangwamen haya.

Yadda kuskuren ke kama a takardar albashi

Mu gwada hanyar ɗora-a-sama mu ga inda za ta kai Alhaji. Magatakardansa ya ɗauki 300,000 kamar ita ce jimilla, ya lissafa fansho 24,000, ya lissafa haraji ya samu 30,530, ya haɗa duka ya rubuta 354,530 a takarda. Kowane adadi a ciki daidai yake a karan kansa, shi ya sa ba wanda zai yi zargin komai. Ƙarshen wata kuma sai a cire fansho 28,362 da haraji 39,560 daga 354,530 ɗin, akanta ya ga 286,607 a wayarsa. Giɓin naira 13,393 ne duk wata, sama da 160,000 a shekara. Mutumin da aikinsa ke nan lissafi ba zai yi shiru ba, zai zo ya ce, "Ranka ya daɗe, ba haka muka yi ba," Alhaji kuma ya rantse bai rage ko kwabo ba, kuma duk su biyun gaskiya suke faɗa.

Idan an riga an faɗa wannan ramin, kada a ƙara 13,393 a ce an gyara, don ƙarin shi ma za a ci nasa. A matakin da mutumin nan yake, naira ɗaya idan aka ƙara a jimilla, fansho zai bar kwabo 92, haraji kuma ya bar kashi 82 na wannan, abin da ke isa hannu 0.7544 ne. A raba giɓin da 0.7544, a samu 17,753. A ɗora a kan 354,530, sai ga 372,283 ta sake fitowa. Lambar nan 0.7544 tana da amfani ko bayan an gama ɗaukar mutum: duk ranar da ya zo neman ƙarin dubu goma a hannu, kamfani ya san 13,256 zai ƙara a takarda.

Akwai kuskure na biyu, na masu ɗan sani. Su sun ji cewa rabawa ake yi, sai su haɗa kashi 8 da kashi 18 su ce 26, su raba 300,000 da 0.74, su samu 405,405. Wannan ya zarce da sama da dubu 33 a wata, domin ya ɗauka kowace naira ta albashin ana cire mata kashi 18, alhali 800,000 na farko ba a taɓa su ba, miliyan 2.2 na biye kuma kashi 15 aka cire. Shi wannan kuskuren ma'aikaci ba zai kawo ƙararsa ba. Zai ga kusan 325,000 ya yi hamdala, kamfani kuma ya ci gaba da biya har sai wani ya zauna ya duba.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa ba na son jin "a ƙara kashi kaza kawai." Babu kaso ɗaya da ya dace da kowa. Direban da ke son 120,000 a hannu, yana zaune a gidan gado ba ya biyan haya, kuɗinsa na shekara 1,440,000 ne, yana matakin kashi 15. Abin da ya ɗara 800,000 shi ne 640,000, a raba da 0.85, a mayar da 800,000, a raba da 0.92, a raba da 12, za a samu 140,665. Ƙarin kashi 17 ke nan a kan abin da ya nema. Na akanta ya kai kashi 24. Manajan da ke son miliyan ɗaya a hannu ba tare da rangwamen haya ba, sai an rubuta masa kusan 1,310,500, ƙarin kashi 31. Mai mafi ƙarancin albashi na 70,000 kuwa, idan an cire fanshonsa kuɗin shekararsa 772,800 ne, bai ma kai bakin haraji ba.

Albashi biyu, kuɗin hannu ɗaya

Wurin da nake ganin ya fi cancantar a tsaya a kai shi ne wanda ba a cika magana a kansa a zaman ciniki ba, wato yadda aka rarraba albashin. Lissafinmu ya nuna cewa muddin akanta zai karɓi 300,000, dole abin da ya rage bayan fansho ya zama 342,500, haraji kuma 42,500. Waɗannan ba sa motsi. Abin da ke motsi shi ne mataki na ƙarshe, rabawa da 0.92, saboda ya dogara da yawan albashin da fansho ya shafa.

Kamfanoni da yawa ba sa sa dukkan albashi a asali da gida da sufuri. Sukan ware wani yanki su kira shi alawus na abinci, na wuta da ruwa, na sutura da makamantansu. Haraji yana bin waɗannan alawus ɗin kamar yadda yake bin sauran, amma fansho ba lallai ya bi su ba. A ce Alhaji ya tsara cewa kashi 75 ne kaɗai na albashin ke ƙarƙashin fansho. To kashi 8 na kashi 75 kashi 6 ne na jimilla, sai a raba 342,500 da 0.94 maimakon 0.92. Jimillar ta sauko zuwa 364,362. Akanta zai ga dubu ɗari ukunsa cif, Alhaji kuma ya rage kusan 7,900 a takarda, ga kuma ragin da zai samu a nasa kashi 10.

Wa ya biya wannan ragin? Asusun fanshon ma'aikacin. A tsarin farko, kashi 18 na 372,283 ke shiga asusunsa duk wata idan an haɗa nasa da na kamfani, wato 67,011. A tsari na biyu kashi 18 na 273,271 ne, wato 49,189. Bambancin ya kusan 17,800 a wata, kuma ba zai taɓa ganinsa a saƙon banki ba. Doka ba ta hana wannan tsarin ba, ni ma ban ce zalunci ne ba idan an bayyana wa mutum ya amince. Amma wanda ya tsaya a kan "ni dai a hannu" ya miƙa wa ɗaya ɓangaren ikon yanke wannan hukuncin shi kaɗai. Idan kamfanoni biyu suka yi maka tayin kuɗin hannu iri ɗaya, tambayar da za ta raba su ita ce nawa ne asali da gida da sufuri.

Akwai kuma asusun gidaje na ƙasa, NHF, mai kashi 2.5 cikin ɗari. Tun 2023 ya zama na ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. Idan akanta ya ce yana so, wurinsa ɗaya da fansho a lissafi, domin shi ma yana fita daga hannu kuma ba a yi masa haraji. A ce a kan asalin albashi aka lissafa, asalin kuma rabin jimilla ne, to kashi 1.25 ke nan, a haɗa da 8, a raba 342,500 da 0.9075, a samu 377,410.

Kuɗin adashen ma'aikata ko bashin da ake cirewa daga albashi daban suke. Ba su rage haraji ko kaɗan, don haka idan har za a sa su a lissafi, a farko ake ɗora su a kan kuɗin hannu kafin a fara komawa baya. A ganina ma bai kamata a sa su ba. Ajiyar mutum ce ko bashinsa, kamfani bai yi alkawarin ɗaukar masa ba, kuma gara a faɗi haka ƙarara tun a zaman farko.

Abin da Alhaji zai kashe

Shi mai aiki, 372,283 ba ita ce ƙarshen magana ba. Zai ɗora kashi 10 na fansho, 37,228. Zai ɗora kashi 1 na asusun diyyar ma'aikata da ake biya wa NSITF a ƙarƙashin dokar 2010, 3,723. Jimilla 413,234 a wata, kusan miliyan 4.96 a shekara, ban da inshorar rai ta ma'aikata da dokar fansho ta wajabta, wadda diyyarta ba za ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Ke nan kalmar "na ji" da ya faɗa a kan dubu ɗari uku ta ɗora masa sama da dubu ɗari huɗu da goma. Goron Sallah ma haka: idan ya yi niyyar akanta ya ga 100,000 cif, kuma ta hanyar albashi za a biya, sai ya fitar da 121,951, tunda kyautar a saman albashi take sauka, inda ake cire kashi 18.

Wani zai ce, to me ya sa ba za a miƙa wa mutum dubu ɗari ukunsa kawai a huta ba? Ana yi, ba a ɓoye yake ba. Amma doka mai aiki ta ɗora wa nauyin cire harajin da kai shi ga hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da ma'aikaci ke zaune, a nan ta Jihar Katsina, zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. Fansho kuma cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Ranar da masu bincike suka zo, kamfani za su tambaya, kuma shi zai biya abin da bai cire ba, da tara a sama.

Me za a rubuta a takarda?

Jimillar za a rubuta, 372,283, tare da yadda aka rarraba ta, sannan a haɗa da wata takarda da ke nuna lissafin da ya kai ga 300,000 da abubuwan da aka ɗauka a matsayin sharaɗi: hayar 550,000, fansho a kan dukkan albashi, babu NHF. Dalili shi ne sharuɗɗan nan suna canzawa ba da hannun kamfani ba. Idan akanta ya kasa kawo shaidar biyan haya, ko ya gama gininsa ya tare, rangwamen 110,000 ya tafi, harajinsa ya ƙaru da kashi 18 na wannan, 19,800 a shekara, 1,650 a wata. Idan jimilla aka rubuta, shi zai ɗauki wannan ragin, kuma ya san dalili. Idan kuwa takarda ta ce "za a biya 300,000 bayan duk cire-cire," kamfani ne zai ɗaga albashin zuwa 374,470, haka kuma zai riƙa yi duk lokacin da doka ko halin ma'aikacin ya sauya. Akwai kamfanonin da ke yin irin wannan alkawarin da saninsu don su jawo ƙwararre, babu laifi. Matsalar ita ce wanda ya yi shi bai san ya yi ba.

Ga mai aiki da Excel, ba sai ya bi matakan da hannu kowane lokaci ba. Ya gina lissafin daga sama zuwa ƙasa, jimilla a gida ɗaya, kuɗin hannu a wani gidan, sannan ya shiga Data, What-If Analysis, Goal Seek, ya ce gidan kuɗin hannu ya zama 300000 ta hanyar canza gidan jimilla. Zai ba shi amsa nan take. Sai dai amsar ba za ta fi lissafin da ke ƙarƙashinta inganci ba, kuma kwamfutocin ofisoshi da yawa har yanzu tsohon tsari ke cikinsu, mai rangwamen naira 200,000 da kashi 20 na kuɗin shiga, da matakan da suka fara daga kashi 7 suka ƙare a 24. Gane shi ba wuya. A saka albashin akantan nan, 372,283, fansho a kan duka, hayar 550,000. Idan harajin wata ya fito 42,500, sabuwar doka ce ke aiki. Idan ya fito kusan 44,700, kuma canza kuɗin haya bai motsa shi ba, to lissafin kafin Janairun 2026 ne, sai an sake gina shi kafin a rubuta wa kowa takardar ɗaukar aiki da shi.